Yadda ake sake rubuta takardar bayanin biya don lissafin dila ya daidaita da naka

Idan kamfani yana karɓar kaya bashi daga hannun dila, da wuya a biya kowane inbois shi kaɗai. Ana barin su su taru, uku ko huɗu, sannan a tura kuɗin dunƙule guda. Alat ɗin da zai shiga wayar dila adadi ɗaya ne tak, shi kuwa littafin bashinsa layi-layi ne, kowane inbois da nasa. Takardar bayanin biya ita ce ke gaya wa akawun dila yadda zai raba wannan dunƙulen a kan layukan littafinsa. In ba ta yi wannan aikin ba, akawu zai raba kuɗin yadda ya ga ya fi kusa da hankali, kuma daga ranar littafinka da nasa sun rabu.

Misalin da za mu bi na wani kamfanin gine-gine ne da ke aiki a wajen Samaru a Zariya, yana karɓar kayan lantarki daga wani dila a Sabon Gari: waya, soket, bututun waya, burekoki. Adadin da ke ciki na koyarwa ne, amma irin cire-ciren da ke ciki su ne ake karo da su kullum. A watan Maris na 2025 dilan ya kawo kaya sau huɗu, inbois huɗu da suka kai jimlar naira 4,945,000. Ranar 9 ga Afrilu kamfanin ya tura naira 4,215,850, kashiya kuma ya bi kuɗin da wannan saƙo:

"Salam Alhaji, mun tura 4,215,850 na kayan Maris, bayan an cire haraji da sauransu. A duba don Allah."

Babu ƙarya ko ɗaya a saƙon. Sai dai tsakanin abin da aka nema da abin da aka tura akwai giɓin naira 729,150, kuma kalmar "da sauransu" ce kaɗai ke riƙe da shi. Akawun Alhaji ba shi da abin yi sai ya fara cike inbois mafi tsufa, ya gangaro har kuɗin su ƙare. In ya tuna da kafin alƙalamin naira 500,000 da aka ba su a tsakiyar Maris, littafinsa zai nuna ana bin kamfanin naira 229,150 a kan inbois na ƙarshe. In bai haɗa shi da wannan ciniki ba, zai nuna 729,150. Littafin kamfanin kuwa 32,250 kawai yake nunawa. Wannan saƙon na kashiya za mu sake rubutawa.

Mataki na farko: tara takardun kafin ka rubuta komai

Kada ka rubuta bayanin biya daga abin da ka tuna, ko daga jimlar da ke cikin littafinka kaɗai. Ɗauko inbois ɗin dila na asali guda huɗun, da takardar oda da kuka ba shi, da takardar karɓar kaya da mai kula da sito ya sa wa hannu, da duk wata takardar mayar da kaya, da rasitin banki na taransifar. In da hali, ka nemi akawun dila ya turo maka hoton shafinku na littafinsa kafin ka fara. Wannan shafin zai nuna maka da wace lamba da wane adadi suka rubuta kowane ciniki, kuma takardarka dole ta yi magana da waɗannan lambobin.

Nan ake yawan tuntuɓe. Kamfanoni da yawa suna da tasu lambar baucar biya, kashiya kuma ya saba da ita har ya ɗauka kowa ya san ta. Akawun dila bai taɓa ganin baucarku ba. Lambar da ya sani ita ce wadda ke kan inbois ɗinsa, don haka ita za ta zo farko a kowane layi, kuma a kwafe ta daidai yadda take. In an buga `0412`, ka rubuta `0412`, kada ka mayar da ita 412. Diloli da yawa suna da littafin inbois fiye da ɗaya, na shago da na sito, ko kuma su fara sabuwar lamba idan littafi ya ƙare, saboda haka lamba ɗaya tana iya maimaituwa. Shi ya sa ake sa kwanan watan inbois kusa da lambarsa.

Mataki na biyu: warware giɓin, kowane cirewa da dalilinsa da takardarsa

Wannan ne ainihin aikin, kuma a nan ya kamata a daɗe. Ɗauki inbois ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kanka: nawa aka nema, nawa muka biya a kansa, kuma kowace naira ta bambancin ina ta tafi?

Inbois `0412` na 3 ga Maris ba shi da wata matsala. Kuɗin kaya naira 1,200,000, harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari naira 90,000, jimla 1,290,000. Abin da aka cire a kansa shi ne harajin da doka ta ɗora wa mai saye ya cire daga kuɗin mai sayarwa ya kai wa hukuma, wanda ake rubuta WHT a takardu. A ƙa'idojin da suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025, sayar da kaya irin wannan kashi 2 cikin ɗari ne, in dilan yana da lambar haraji ta TIN. In ba shi da ita, ana ninka adadin. Ana lissafa shi a kan kuɗin kaya kafin a ɗora VAT, wato kashi 2 na 1,200,000, naira 24,000. Abin biya ya zama 1,266,000.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a buga kashi 2 ɗin a kan jimlar inbois gaba ɗaya. Da an yi haka, da an cire 25,800, an zalunci dila da naira 1,800 a inbois ɗaya. Gane shi ba wuya: raba abin da aka cire da jimlar inbois. In ka samu kashi 2 cif, an haɗa da VAT, an yi kuskure. Lissafi mai kyau kusan kashi 1.86 yake bayarwa idan duk kayan suna ɗauke da VAT, kuma ba a mayar ko riƙe komai a kan inbois ɗin ba. Ka kuma tabbatar cewa cirewar ta hau kan wannan cinikin tun farko, domin ƙa'idojin sun keɓe wasu: kayan da masana'anta ta ƙera ta sayar da kanta ba a cirewa a kansu, haka ƙaramin kamfani ba a ɗora masa cirewa idan cinikinsa da dila mai TIN bai wuce naira miliyan 2 a wata ba. A misalinmu dilan sari yake yi ya sayar, kamfanin ginin kuma ba ƙarami ba ne, don haka cirewar tana nan.

Inbois `0427` na 11 ga Maris kuɗin kayansa 800,000 ne, da VAT 60,000, jimla 860,000. A cikinsa an mayar da nadin waya huɗu da kaurinsu bai yi daidai da oda ba, kowanne a kan naira 25,000. Dilan ya karɓa, ya rubuto takardar rage bashi mai lamba `CN-031`. Abin lura shi ne ragin ba 100,000 ba ne, 107,500 ne, domin VAT ɗin da aka ɗora wa wayar shi ma ya faɗi tare da ita. Harajin WHT kuma ya koma kan kayan da suka zauna, wato 700,000, ya zama 14,000. Abin biya 738,500.

Da a ce dilan bai rubuto takardar rage bashi ba, da ban yarda a rubuta wannan a matsayin ragi ba. Mayar da kaya da baki, ko a ba yaron mota ya kai shago ba tare da kowa ya sa hannu ba, bai taɓa littafin akawu ba. Har sai takardar ta fito daga ɓangaren dila, kuɗin a gidan "an riƙe" suke zama, kuma a rubuta lambar takardar sito da aka fitar da kayan da ita.

Inbois `0439` na 20 ga Maris shi ne babba: kaya 2,000,000, VAT 150,000, jimla 2,150,000. Kafin a kawo kayan, ranar 17 ga Maris, an tura wa dilan kafin alƙalami na 500,000. Wannan ba ragi ba ne, biya ne da ya riga inbois ɗin zuwa, kuma saboda ya riga shi ne akawu yakan ajiye shi a gefe ba tare da ya jingina shi da kowace lamba ba. Takardarka ce za ta jingina shi. Ka rubuta ranar da aka tura shi da lambar taransifarsa. Sannan ka duba ko an cire WHT a kansa a wancan lokacin. Ƙa'ida ita ce a cire a lokacin da aka biya, kuma nan gaba haka ya kamata a riƙa yi, amma a wannan cinikin an tura 500,000 ɗin cif ba a taɓa shi ba, don haka yanzu aka cire harajin inbois ɗin duka, 40,000. Da an riga an cire wani abu a Maris, dole a nuna shi, a cire ragowar kawai, in ba haka ba za a ɗauki haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya. Abin biya yanzu 1,610,000.

Inbois `0445` na 28 ga Maris shi ne mai gardama. Kaya 600,000, VAT 45,000, jimla 645,000. A ciki akwai burekoki 12 da aka rubuta a kan naira 15,000 kowanne, alhali takardar oda ta ce 12,500. Bambancin 2,500 sau 12, naira 30,000, da VAT ɗinsa 2,250, jimla 32,250. Kamfanin ya riƙe wannan har sai an zauna an yi magana, ya biya sauran. WHT a kan 570,000 da ba a gardama a kansu ya zama 11,400. Abin biya 601,350.

Yanzu haɗa su: 107,500 na mayarwa, 500,000 na kafin alƙalami, 89,400 na WHT, 32,250 da aka riƙe. Sun ba da 729,150, giɓin nan da "da sauransu" ta ɓoye. In naka bai cike giɓin ba har zuwa kwabo, kada ka wuce wannan matakin.

Mataki na uku: raba abin da ya kashe bashi da abin da bai kashe ba

Cire-ciren nan huɗu duka suna rage kuɗin da aka tura, shi ya sa kashiya yake ganinsu abu ɗaya. A wurin akawun dila kowanne da inda yake zuwa. Mayar da kaya yana rage cinikin kansa. Kafin alƙalami kuɗi ne da tuni suke hannunsu, jingina shi kawai ya rage. WHT kuɗin dila ne da kuka biya hukuma a madadinsa, zai ɗauke shi daga shafinku ya kai shafin haraji, ya rage shi daga harajin da zai biya a ƙarshen shekara. Waɗannan ukun suna kashe bashi. Na huɗun bai kashe komai ba: naira 32,250 har yanzu bashi ne a littafin dila, kuma yana da hakkin ya ci gaba da nemansa har a daidaita.

Takardar da ta zuba su duka a gida ɗaya mai suna "cire-cire" tana jawo ɗaya daga cikin ɓarna biyu. Ko dai akawu ya bar duka a matsayin bashi, ya yi ta kiran kamfanin a kan kuɗin da tuni suka tafi wajen hukuma, ko kuma ya goge duka, har da wanda ake gardama a kai, Alhaji ya gano daga baya cewa an rage masa farashi ba da yardarsa ba. Na biyun ya fi ɓata hulɗa, domin yana kama da an yi masa wayo, ko da ba a yi niyya ba. Don haka kowane irin cirewa da gidansa.

Mataki na huɗu: shimfiɗa takardar

A sama, kafin jadawali, abubuwa kaɗan ake bukata: sunan kamfaninku, sunan dila yadda yake a kan inbois ɗinsa, lambar TIN ɗinsa, lambar wannan takardar (mu ce `RA-2025-014`), ranar biya, adadin da aka tura, bankin da aka tura wa da lambobi huɗun ƙarshe na asusun, da lambar taransifar. Taransifar da ta bi tsakanin bankuna biyu tana da lamba mai tsawon alƙaluma 30 da rasiti yake nunawa a ƙarƙashin `Session ID`. Ita ce bankin dila zai nema in kuɗin suka maƙale a hanya, don haka a kwafe ta duka.

Sai jadawalin, inbois ɗaya layi ɗaya:

| Inbois | Rana | Jimlar inbois | Mayarwa | Kafin alƙalami | WHT | An riƙe | An biya yanzu |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| 0412 | 3 Maris | 1,290,000 | 0 | 0 | 24,000 | 0 | 1,266,000 |
| 0427 | 11 Maris | 860,000 | 107,500 | 0 | 14,000 | 0 | 738,500 |
| 0439 | 20 Maris | 2,150,000 | 0 | 500,000 | 40,000 | 0 | 1,610,000 |
| 0445 | 28 Maris | 645,000 | 0 | 0 | 11,400 | 32,250 | 601,350 |
| Jimla | | 4,945,000 | 107,500 | 500,000 | 89,400 | 32,250 | 4,215,850 |

Gidan da babu komai a sa masa sifili. Gida wayam yana sa mai karatu tunanin ko an manta ne. Gidan "jimlar inbois" kuma adadin da dila ya rubuta za a sa, ko da kuna ganin ya yi kuskure. Idan ka gyara masa a can, ka rubuta 612,750 maimakon 645,000, akawu zai nemi wannan adadin a littafinsa ya rasa. Gyaranku a gidan "an riƙe" yake fitowa, inda kowa zai gan shi.

A ƙarƙashin jadawalin sai gajeren bayani, kowane cirewa da takardar da ke bayansa:

"Inbois 0427: an mayar da nadin waya 4 a kan 25,000, da VAT 7,500, bisa takardarku CN-031. Inbois 0439: kafin alƙalami 500,000 da muka tura ranar 17 ga Maris, ga lambar taransifarsa, ba a cire WHT a kansa a lokacin ba. Inbois 0445: burekoki 12 an rubuta 15,000, odarmu ta ce 12,500, mun riƙe bambancin da VAT ɗinsa, 32,250, har a daidaita. WHT kashi 2 ne na kuɗin kaya ban da VAT. Bayan wannan biyan, 0412 da 0427 da 0439 sun rufu. Abin da ya rage a kan 0445 shi ne 32,250."

Jumloli biyun ƙarshe kada a bar su. Su ne ke gaya wa akawu inda littafinsa ya kamata ya tsaya bayan ya gama shigar da komai. In ya gama ya ga wani adadi dabam, nan take ya san akwai abin da ya ɓace, kuma ya san a wane layi zai nema. A ƙarshe a sa sunan wanda za a kira da lambar wayarsa, mutumin da ya san lissafin, ba lambar ofis da ba a ɗauka ba.

Wanda yake biya a madadin hukumar gwamnati, irin manyan makarantu da asibitocin gwamnati da suka cika Zariya, yana bukatar ƙarin gida ɗaya, domin hukumomin gwamnati suna riƙe VAT ɗin ma su kai wa hukumar haraji da kansu. Kada a haɗa shi da WHT a gida ɗaya. Haraji biyu ne dabam, kowanne da rasitinsa.

In a Excel kake yi

In gidajen sun jeru daga `A` zuwa `H` kamar yadda suke a sama, bar na'ura ta yi ragin da kanta. Ga lissafi biyu, na farko na gidan WHT ne, na biyu na gidan abin da aka biya:

```
=ROUND((C2-D2-G2)/1.075*0.02,2)
=C2-D2-E2-F2-G2
```

Na farkon yana aiki ne kawai idan duk kayan inbois ɗin suna ɗauke da VAT. In an gauraya da wanda ba ya ɗauka, ko an sa kuɗin mota ba VAT, sai ka ɗauki kuɗin kaya kai tsaye daga inbois ɗin.

Akwai ɓarna biyu da Excel yake yi a ɓoye. Yana cinye sifilin farko, `0412` ta koma `412`. Kuma ba ya riƙe fiye da alƙaluma 15 na lamba, saboda haka in ka liƙa lambar taransifa mai 30, rabinta na baya zai koma sifili-sifili, ba kuma za ta dawo ba ko ka canza tsarin gidan daga baya. Maganin duka biyun ɗaya ne: mayar da gidan zuwa `Text` kafin ka rubuta, ko ka fara da alamar `'` kafin lambar. In ka gama, ka fitar da takardar a `PDF` ka tura, don kada wani ya taɓa gida bisa kuskure lissafin ya canza a hannunsa.

Mataki na biyar: gwada takardar da rasitin banki

Gwaji uku ne. Kowane layi ya daidaita daga hagu zuwa dama. Kowane gida ya daidaita daga sama zuwa ƙasa. Sannan adadin kusurwar ƙasa ta dama, 4,215,850, ya zama shi ne a kan rasitin banki ba ragi ba ƙari. Na ukun ne ake yawan tsallakewa, musamman idan an rubuta takardar kafin a tura kuɗin, sannan manaja ya ce a cike adadin zuwa 4,216,000 ko a rage shi zuwa 4,200,000 saboda abin da ke asusu. In haka ta faru, takardar za a gyara ta bi kuɗin, a kuma faɗi a kan wane inbois ƙarin 150 ɗin ko ragowar 15,850 ta zauna.

In adadin bai zo daidai ba, bambancin kansa yakan nuna inda matsalar take. Idan ya rabu da 9 ba saura, da alama an juya alƙaluma biyu: 738,500 da aka rubuta 783,500 tana ba da bambancin 45,000. Idan bambancin ya yi daidai da ninkin wani cirewa, an tara shi ne maimakon a rage: 28,000 yana nuna 14,000 ɗin inbois `0427`. Idan 7,500 ne, an manta VAT ɗin kayan da aka mayar. Kuɗin da banki ya caje ku na taransifa kuma naku ne, ba ya shiga wannan takardar, kuma ba a rage shi daga kuɗin dila.

Wani lokaci iyakar da banki ya sa wa asusu tana tilasta a raba kuɗin gida biyu, yau da gobe. Kada ka raba su a tsakiya kawai. Ka yanka a bakin inbois: 2,004,500 na `0412` da `0427` a tura na farko, 2,211,350 na `0439` da `0445` a na biyu. Kowane alat sai ya faɗa daidai kan layukansa, takardar kuma ta nuna lambar taransifa biyu.

A wurin bayanin taransifa, inda aka saba rubuta "kuɗin kaya", ka sa lambar takardar a farko, domin bankuna suna yanke bayanin da ya yi tsawo:

```
RA-2025-014 INV 0412 0427 0439 0445
```

Ko an yanke wutsiyar, lambar takardar tana nan, kuma duk wanda ya ɗauko bayanin asusu bayan wata shida zai iya bin ta.

Mataki na shida: aikawa, da abin da ke biyo baya

Ka tura takardar ranar da kuɗin suka tafi. In ta makara da mako guda, akawu ya riga ya raba kuɗin yadda ya ga dama, kuma goge abin da aka shigar ya fi shigarwa wuya. Tun da wannan gyara ce ta saƙon farko, a rubuta a samanta cewa ta maye gurbin saƙon 9 ga Afrilu, kuma ba sabon biya ba ne, don kada a zauna jiran wani alat.

A tura wa Alhaji da akawunsa duka biyu. Maganar 32,250 kuwa kada a bar takarda ta fara kai ta. Dila da kuka daɗe kuna hulɗa ba zai ji daɗin ya tsinci labarin an riƙe masa kuɗi a cikin jadawali ba. Manaja ya kira tukuna: "Ranka ya daɗe, kuɗi sun tafi. Akwai ɗan bambanci a farashin bureka tsakanin oda da inbois, mun ajiye shi gefe har ka duba. Akawunka zai ga bayanin a takarda." Sannan takardar ta biyo. Ka kuma roƙi akawun ya amsa da layi ɗaya cewa littafinsu ya nuna saura 32,250 a kan `0445`. Wannan amsar ka buga ta ka haɗa da baucar biya.

Saura alƙawarin da gidan WHT ya ɗauka. Naira 89,400 da aka cire amana ce. In dilan kamfani ne mai rajista, kuɗin na hukumar haraji ta tarayya ne, wadda a 2025 ake kira FIRS, kuma ana kai su kafin 21 ga watan da ke bin watan biya ya wuce, wato 21 ga Mayu a misalinmu. In mutum ne mai kasuwanci da sunansa ko da sunan shago, na hukumar jiha ne, KADIRS a nan Kaduna, wa'adin kuma 30 ga watan. Ka duba sunan da ke kan inbois da TIN ɗin kafin ka tura, domin kuɗin da aka kai wa hukumar da ba ita ba ba za su fito a shafin harajin dila ba. Bayan an biya, a ba shi rasitin cirewar, a rubuta lambar `RA-2025-014` a jikinsa don akawu ya san na wane biya ne.

Idan an zauna a kan burekokin, ɗayan biyu ne zai faru. In Alhaji ya yarda da farashin oda, zai rubuto takardar rage bashi ta 32,250, `0445` ya rufu ba tare da an tura ko kwabo ba. In kamfanin ne ya yarda da farashinsa, sai a yi sabuwar takarda mai sabuwar lamba da layi ɗaya: inbois `0445`, saura 32,250, WHT kashi 2 na 30,000 wato 600, abin biya 31,650, tare da ambaton `RA-2025-014` a matsayin inda aka biya kashin farko.